Kuɗin da Banki Ya Riƙe: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Idan ka miƙa katin banki aka saka shi a na'ura, ta rubuta `Approved`, kuɗinka bai isa hannun mai kaya ba tukuna. Abin da ya faru a cikin 'yan daƙiƙun nan tambaya ce da amsa. Na'urar ta aika saƙo zuwa bankin ɗan kasuwa, saƙon ya bi ta hanyar kamfanin katin, Visa ko Mastercard ko Verve, ya isa bankinka yana tambaya: wannan kati na gaske ne, kuma akwai kaza a asusun? Bankinka ya duba, ya ce akwai, ya ba da lambar amincewa, sannan ya ware wannan adadi ya riƙe domin kada ka kashe shi a wani wuri. Wannan riƙon shi ne kake gani a manhajar banki an rubuta `Pending` a gefensa.

Biyan gaske yana zuwa ne daga baya. Ɗan kasuwa zai tattara cinikinsa, galibi a ƙarshen yini, ya tura wa bankinsa adadi na ƙarshe na kowane ciniki. Daga nan bankuna su yi lissafi a tsakaninsu, kuɗin ya bar asusunka da gaske. Tsakanin riƙo da biya ana iya ɗaukar kwana ɗaya, biyu ko uku, a otal da wajen hayar mota kuwa har makonni. Kamar rago ne da aka yi cinikinsa a kara aka shafa masa fenti a gadon baya: yana cikin garken mai shi har yanzu, amma ba a isa a sayar wa wani ba.

Ba kowane ciniki ke bin matakai biyun nan ba. Cire kuɗi a ATM da yawancin biyan da ake yi da POS a cikin Najeriya da lambar sirri, saƙo ɗaya ne ke ɗauke da tambaya da biya gaba ɗaya, shi ya sa da yawa daga cikinmu ba su saba da riƙo ba sai ranar da suka biya otal a Makka, ko suka sayi kaya a intanet, ko suka hau motar haya ta manhaja. A irin waɗannan wurare ne mutane ke tafka kuskuren da ke jawo musu asara ko kunya a gaban jama'a.

Kada ka dogara da alat. Ka duba adadin da za ka iya kashewa.

Asusunka yana da adadi biyu. Na farko shi ne abin da ke rubuce a littafin banki, wanda manhajoji ke kira `Ledger Balance` ko `Book Balance`. Na biyu shi ne `Available Balance`, wato abin da ya rage bayan an cire duk wani riƙo. Na biyun kaɗai ne naka a yau. Mutum zai iya ganin naira miliyan ɗaya a na farko, ya je biyan dubu ɗari huɗu a ƙi karɓa, kuma bankin bai yi kuskure ba.

Wasu bankunan namu ba sa nuna riƙo a matsayin riƙo. Da zarar an amince sai su turo alat kamar an cire kuɗin, idan an saki kuma su turo wani kamar an mayar. Don haka alat ba ya gaya maka matakin da ciniki yake. Ka buɗe manhaja ka gwada adadin biyu da juna, ko ka nemi takardar bayanan asusu. Abin da ya shiga takardar da kwanan watan kammalawa, shi ne aka biya da gaske.

Kada ka miƙa kati a otal ba ka tambayi nawa za a riƙe ba.

Ranar da ka sauka a otal, ba wanda ya san abin da za ka ci, ko kayan da za ka bayar wanki, ko za ka ƙara kwana. Saboda haka otal yana ƙiyasi ne: kuɗin ɗaki na dukan kwanakin, da wani ƙari a kai na ko-ta-kwana. Dokokin kamfanonin kati sun yarda da haka, sun kuma yarda otal ya ƙara riƙo a tsakiyar zama idan lissafinka ya haura ƙiyasin farko.

Ga misali, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. Wata Hajiya ta je Umara, ta sauka a otal a Madina za ta yi kwana huɗu, riyal 400 kowane dare. Kuɗin ɗaki riyal 1,600 ke nan. Ma'aikacin da ke karɓar baƙi ya ƙara riyal 400 na ko-ta-kwana, ya buga 2,000 a na'ura. Riyal a ɗaure take da dala tun 1986, riyal 3.75 a kowace dala, don haka riƙon ya kama dala 533.33. A ce bankinta yana lissafin dala a naira 1,500 a ranar. An riƙe mata naira 800,000.

Hajiya ta baro gida da naira 1,200,000 a asusun, ta yi lissafin cewa ɗaki zai ci 640,000, saura 560,000 na tsaraba da abinci. Abin da ya rage mata a zahiri 400,000 ne. Ba wanda ya sace mata 160,000, amma ba za ta iya taɓa su ba sai ta bar otal ɗin, kuma idan ba ta sani ba, a gaban mai sayar da dabino za ta gane, lokacin da na'ura ta rubuta `Insufficient Funds` ga mutane a layi a bayanta.

Tambayoyi uku za ka yi kafin katin ya bar hannunka: nawa za a buga, riƙo ne ko biya ne kai tsaye, kuma yaushe za a saki ragowar. Idan otal ɗin yana karɓar kuɗin ko-ta-kwana a hannu, ka ba da shi a hannu ka karɓi rasit, domin riyal 400 da ka ajiye a teburinsu za a miƙo maka ranar tafiya, wanda aka riƙe a kati kuwa sai banki ya ga dama. Wannan shawara ta fi ƙarfi ga mai katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusu, kuma mafi yawanmu irinsa muke riƙe da shi. Mai katin bashi, iyakar bashinsa ce ke raguwa. Kai kuwa kuɗin cefanenka ne aka ɗaure.

Ranar tafiya, ka biya da katin da aka yi riƙon da shi, kuma ka ce a kammala a kan riƙon.

A nan ne aka fi cutuwa. Mu ci gaba da Hajiya. Lissafinta na ƙarshe ya kama riyal 1,750: ɗaki 1,600, abinci da wanki 150. Hanyar da ta dace ita ce ma'aikacin ya nemo riƙon farko a na'urarsa ya kammala shi a kan 1,750. Saƙon zai tafi ɗauke da lambar amincewar nan ta farko, bankinta ya gane cewa ciniki ɗaya ne, ya cire abin da ya kamata, ya saki sauran.

Amma idan ma'aikacin sabo ne, ko yana sauri, zai iya karɓar katin ya buga 1,750 a matsayin sabon ciniki. Bankin Hajiya ba shi da hanyar sanin cewa wannan na biyun ya maye gurbin na farko. Zai ga buƙatar kusan naira dubu ɗari bakwai a kan asusun da dubu ɗari huɗu kawai suka rage, ya ƙi. Ga mota tana jira za a wuce Makka, ga kuɗi a asusu, ga na'ura tana cewa babu. Da a ce kuɗin ya isa, abin da zai faru shi ne a cire na biyun, na farkon kuma ya ci gaba da zama a riƙe, naira miliyan ɗaya da rabi su ɗaure a kan lissafin da bai kai rabinsu ba.

Haka abin yake idan ɗanta ya ce, "Umma, bari in biya da nawa katin," ko ta ƙirgo riyal a hannu ta biya. Otal ya karɓi haƙƙinsa, amma riƙon da ke kan katin farko yana nan, domin ba abin da ya zo ya kammala shi. Idan ba a soke shi ba, sai wa'adinsa ya cika. A ƙa'idar Mastercard, amincewar ciniki na yau da kullum tana ƙarewa bayan kwana 7, irin ta ƙiyasi da otal ke yi kuwa kwana 30. Na Visa ma kusan wata guda ne ga otal da hayar mota. Wata guda kuɗin mutum yana gabansa ba ya iya taɓawa, a kan abin da minti biyu za su warware a teburin karɓar baƙi.

Idan dole ka canza hanyar biya, kada ka bar wurin sai an soke riƙon a gabanka.

Ka tsaya har ma'aikacin ya soke shi a na'ura, ya ba ka takardar sokewar. Ka duba abubuwa huɗu a jikinta: adadin, kwanan wata, lambobi huɗu na ƙarshen katinka, da lambar amincewa. Ka ɗauki hotonta nan take, domin takardar na'ura tawadarta ba ta daɗewa, mako biyu a aljihu cikin zafi sai ka tarar da farar takarda.

Kada ka yarda da "zai dawo da kansa". Gaskiya ne zai dawo, amma ba a faɗa maka yaushe ba. Kuma kada ka yi tsammanin bankinka zai saki kuɗin don kawai ka buga waya ka ce ka biya. Bankin ya riga ya yi wa ɗan kasuwa alkawarin wannan kuɗi, ba zai warware alkawarin a kan maganarka kaɗai ba. Abin da ke motsa shi saƙon sokewa ne daga na'urar ɗan kasuwa, ko rubutacciyar shaida daga wurinsa mai ɗauke da lambar amincewa da ke cewa ba zai nemi kuɗin ba. Samun wannan takarda kana tsaye a gabansu abu ne mai sauƙi. Samun ta ta imel bayan ka dawo Kano ko Maraɗi wahala ce babba.

Kada ka ɗauki adadin naira na ranar riƙo a matsayin farashin ƙarshe.

Duk cinikin da aka yi da kuɗin waje, ɗan kasuwa kuɗin ƙasarsa yake nema, ba naira ba. Nairar da ka gani a ranar farko lissafin wucin gadi ne. Kamfanin kati yana juya riyal zuwa dala, bankinka kuma ya juya dala zuwa naira da farashin da shi ya tsayar, wanda ba lallai ya yi daidai da na kasuwar canji ko wanda aka faɗa a labarai ba. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, wannan farashi yana iya motsawa tsakanin safe da yamma, balle tsakanin ranar sauka da ranar tafiya.

Riyal 1,750 na Hajiya dala 466.67 ne. Da farashin ranar riƙo, naira 700,000. A ce bankinta yana cikin masu lissafi da farashin ranar kammalawa, kuma dala ta koma 1,530 a ranar. Za a cire 714,000, a saki 86,000 daga cikin 800,000 da aka riƙe. Idan aka warware bambancin, kashi biyu ne: lissafin otal ya ragu da riyal 250 daga ƙiyasi, wannan ya sauke naira 100,000, canji kuma ya ɗora 14,000. Haka za ka riƙa yi duk lokacin da adadi ya bambanta. Ka fara gwada rasit da takardar banki a kuɗin ƙasar da aka yi cinikin. Idan riyal ɗin sun yi daidai, ɗan kasuwa bai cuce ka ba, bambancin daga canji ne ko kamashon banki, kuma bankinka za ka tambaya. Idan riyal ɗin ne suka bambanta, maganarka da ɗan kasuwa ce.

Kafin tafiya ka tambayi bankinka farashin wace rana yake amfani da shi, da kamashon da yake ɗorawa, sannan ka bar rara a asusun, kada ka kashe shi ƙarƙaf bayan riƙo. 'Yan'uwanmu na Nijar sun huta da rabin wannan damuwa: sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kowace yuro, don haka cinikin yuro ba ya motsi sai kamashon banki. Na dala da riyal kuwa yana motsi a wurinsu ma, gwargwadon yadda yuro ta tashi ko ta sauka.

Idan na'ura a ƙasar waje ta ba ka zaɓi tsakanin biya da kuɗin ƙasar da biya da kuɗin katinka, ka zaɓi na ƙasar. Ɗaya zaɓin yana nuna maka adadi tsayayye, amma da farashin canjin da ɓangaren ɗan kasuwa ya yanka, wanda galibi ya fi tsada.

Kada ka ɗaga hankali a kan bambancin da ka san dalilinsa.

Akwai sana'o'in da ba sa sanin adadin ƙarshe sai an gama. Manhajar motar haya tana riƙe kuɗin da ta ƙiyasta, idan an sauke ka ta kammala a kan ainihin tafiyar, da cunkoso da sauyin hanya. Famfon mai na saka-kati-ka-sha-da-kanka a Amurka yana iya riƙe har dala 175 kafin ɗigon mai ya fita, ko da na dala ashirin za ka sha. A gidajen abinci na can, ana fara amincewa da kuɗin abinci, tukuicin da ka rubuta a rasit ya shigo daga baya. Shagon intanet kuma yana iya riƙe kuɗin kaya uku a dunƙule, ya aiko su daban-daban, ya cire kuɗin kowanne ranar da ya tashi, sai ka ga cira uku ƙanana maimakon ɗaya babba. Ka haɗa su ka gani ko sun yi daidai da abin da ka saya. Haka nan ɗan ƙaramin kuɗin da ake riƙewa ranar da ka fara ɗora kati a wata manhaja, dala ɗaya ko 'yan nairori, gwaji ne na ko katin yana aiki.

Kada ka kashe kuɗin da ya dawo alhali ka san ka karɓi kaya.

Wani lokaci ɗan kasuwa yana jinkirin tura lissafinsa har wa'adin riƙon ya cika. Banki ya saki kuɗin, ka gan su sun dawo. Wannan ba yafiya ba ce. Ƙarewar riƙo ba ta soke cinikin, ɗan kasuwa yana iya turo lissafinsa bayan nan, kuma banki zai cire. Idan ka riga ka kashe, asusun zai shiga bashi, ko kuma ranar da albashi ya shigo ka ga an zare wani abu ka rasa na mene ne. Na ga mutane sun je banki suna rantsuwa an cire musu sau biyu, aka buga takardar asusu aka nuna musu layi uku: riƙo, saki, sannan cira ta gaskiya. Sau ɗaya aka biya.

Ka kwana a ɗakin, ka ci abincin, ka karɓi kayan, haƙƙin mutane yana wuyanka ko na'ura ta manta ko ba ta manta ba. Ka bar kuɗin a inda suke, kuma idan lokaci ya ja, ka nemi mai kayan ka sanar da shi.

Idan ka fasa saye nan take, ka nemi sokewa, ba mayarwa ba.

Muddin ciniki yana matakin riƙo, ɗan kasuwa zai iya soke shi gaba ɗaya, abin da na'urori ke kira `Void` ko `Reversal`. Kuɗin bai taɓa barin asusunka ba, riƙon kawai ake cirewa. Idan kuwa ya danna `Refund`, cinikin farko zai kammala, a cire kuɗinka, sannan a buɗe wani sabon ciniki da zai dawo maka da su bayan kwanaki. A kuɗin waje wannan yana nufin canji sau biyu a ranaku biyu, kuma abin da zai dawo yana iya gaza abin da ya fita, ba tare da kowa ya karya doka ba. Damar sokewa gajeriya ce, galibi kafin a rufe cinikin yinin, don haka ka yi magana kafin ka bar shagon.

Kada ka haɗa riƙo da cinikin POS da ya faɗi.

Wannan ita ce matsalar da aka fi sani a gida, kuma dabam take. Kana gaban mai POS, na'ura ta daɗe tana juyi, ta fito da takarda an rubuta `Declined`, wayarka kuma ta yi ƙara an cire kuɗi. Abin da ya faru shi ne bankinka ya amince ya cire, amma amsarsa ba ta komo wa na'urar a kan lokaci ba, sai na'urar ta ɗauka an ƙi. A ƙa'ida nan take ake aika saƙon mayarwa, amma netwok ɗin da ya tsinke a hanyar dawowa yana iya riƙe shi ma.

Kada ka riƙe wuyan rigar mai POS ɗin. Kuɗin ba ya hannunsa, kuma idan ya ba ka kuɗi a kan takardar da ta ce an ƙi, daga aljihunsa zai biya. Abin da za ka ce masa shi ne, "Malam, ba ni takardar." A jikinta akwai lamba mai alƙaluma goma sha biyu da ake kira `RRN`, da lambar na'urar, da lokaci, da lambar amsa: `00` an amince, `51` kuɗi bai isa ba, `91` ba a samu bankinka a layi ba. Da waɗannan banki ke gano cinikin a cikin dubbai. Kada kuma ka ce a sake gwadawa sau uku a jere a kan netwok ɗin da ka ga yana tangal-tangal, domin kowane gwaji yana iya zama wata cira ta daban.

Babban Bankin Najeriya ya tsayar da wa'adi tun watan Yunin 2020: ATM na bankinka idan ya ƙi ba da kuɗi a mayar nan take, in an samu tangarɗa kada a wuce sa'o'i 24, ATM na wani banki sa'o'i 48, POS da intanet kuma sa'o'i 72. Waɗannan wa'adodi na cinikin da ya faɗi ne. Ba su shafi riƙon otal na halal ba, don haka kada ka je banki da su a kan batun Madina.

Idan ka ga riƙon da ba ka san shi ba, ka rufe katin kafin ka yi bincike.

Ka ɗan duba sunan tukuna, domin sau da yawa sunan da ke fitowa na kamfanin da ke karɓar kuɗi ne a madadin shagon, ko sunan rajistar otal ɗin, ba wanda ke rubuce a ƙofa ba. Idan adadin da lokacin ba su tuna maka komai ba, ka rufe katin ta manhaja ko ta lambar da bankinka ya tanada don haka, sannan ka sanar da bankin a ranar. Ɓarayin kati suna fara gwadawa da ƙaramin kuɗi, idan ya wuce su dawo da babba. Banki zai iya ce maka ba za a buɗe takaddama ba sai cinikin ya kammala. Wannan ba dalilin jira ba ne, rahotonka na ranar farko shi ne shaidarka.

Rufe kati yana hana sababbin ciniki, amma ba ya soke wanda aka riga aka amince da shi, wannan zai iya kammalawa.

Kada ka ba kowa lambar sirri don ya "saki" kuɗinka.

Ba ma'aikacin banki da ke buƙatar lambar sirrinka, ko lambobi uku na bayan kati, ko lambar da aka turo wayarka, domin sakin riƙo. Masu damfara suna bibiyar waɗanda suka yi kuka a shafukan sada zumunta, su kira su da sunan banki, su ce a karanto lambar da aka turo yanzu. Ka kashe wayar.

Ka kai ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambarsa.

Idan wa'adi ya wuce, ko adadin ƙarshe ya zarce abin da ka sa wa hannu ba tare da wani dalili da ka sani ba, ka fara da ɗan kasuwa, ka nemi lissafi dalla-dalla. In bai gyara ba, ka je reshen bankinka ko ka aika imel da sunanka, lambar asusu, kwanan wata, adadi a kuɗin da aka yi cinikin, lambar amincewa ko `RRN`, da hoton rasit. Ka faɗi abin da kake nema ƙarara: sakin riƙo, mayar da cinikin da ya faɗi, ko takaddama a kan adadi, domin kowanne hanyarsa dabam a cikin banki. Kada ka fito sai an ba ka lambar ƙorafi.

Takaddama tana da wa'adi. A dokokin Visa da Mastercard galibi kwana 120 ne, kuma bankinka yana buƙatar lokacinsa a cikin wannan, don haka kada ka bari wata ya juya. A Najeriya, idan mako biyu suka wuce bankin bai warware ba, ka kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, tare da lambar ƙorafin da bankinka ya ba ka da kwafin duk abin da ka aika masa.